Yadda ake fitar da MC, AVC da ATC daga lissafin TC

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Jarrabawar Ikonomiks ta gabato, kuma wannan tambayar ta hana ni sakat. An ba mu TC = Q³ − 12Q² + 60Q + 98, an ce mu fitar da MC, AVC da ATC, sannan mu faɗi inda AVC ya fi ƙanƙanta. Duk sanda na yi, amsata daban da ta abokaina. Don Allah a taimaka."

Wa alaikumus salam ƙanena. Na daɗe ina yi wa 'yan aji ɗaya na jami'a lesin a kan wannan, kuma tun kafin in ga takardarka ina zargin lambar nan 98 ce ke wahalar da kai. Ita ce ke kayar da yawancin ɗalibai, don ba wuri ɗaya take zama ba: a MC ta ɓace, a AVC ba a shiga da ita ko kusa, a ATC kuma tana nan amma sai an raba ta.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, ka tambayi kanka: in ba a yi aikin komai ba, nawa za a kashe? TC shi ne jimillar kuɗin da aka kashe, Q kuma yawan kayan da aka yi, don haka sa Q = 0. Duk abin da ke ɗauke da Q ya mutu, saura 98. Ka ɗauka gidan bulo ne. Ko an buga bulo ko ba a buga ba, kuɗin hayar fili da albashin maigadi suna nan, wannan shi ne TFC. Siminti da yashi da ladan masu bugawa kuwa sai an yi aiki ake kashe su, su ne TVC. Rubuta su daban a saman takardarka, don masu duba takarda kan ba wa wannan layin makinsa na kansa:

```
TFC = 98
TVC = Q³ − 12Q² + 60Q
```

MC shi ne ƙarin kuɗin da ake kashewa in an ɗan ƙara yawan kaya, kuma tunda lissafi aka ba ka, difarenshiyeshan za ka yi, wato dTC/dQ. Ƙaramar lambar da ke saman Q ka sauko da ita ka ninka, sannan ka rage mata ɗaya. Q³ ya koma 3Q², 12Q² ya koma 24Q, 60Q ya koma 60. Ita 98 ba ta motsi komai yawan bulon da aka buga, don haka sifili take bayarwa. AVC kuwa rabawa ce kawai, TVC a kan Q, wato matsakaicin abin da kowane bulo ya ci daga TVC. ATC ma rabawa ce, amma ta TC gaba ɗayansa.

```
MC  = 3Q² − 24Q + 60
AVC = Q² − 12Q + 60
ATC = Q² − 12Q + 60 + 98/Q
```

Dubi wutsiyar ATC da kyau. 98/Q ce, kuma ita ce AFC, wato TFC a kan Q. Ni kaina a nan na sha ƙasa a gwajinmu na farko: na raba ukun farko da Q, na bar lambar ƙarshe tsirararta saboda sauri, duk abin da na gina a kai ya rushe. Tun daga ranar, in na gama sai in cire AVC daga ATC. In abin da ya rage ba TFC a kan Q ba ne, na san akwai gyara.

Inda AVC ya fi ƙanƙanta akwai hanya biyu, kuma ina so ka iya duka, don ɗaya ke tsare ɗaya. Ta farko, ka yi wa AVC difarenshiyeshan ka daidaita da sifili: 2Q − 12 = 0, Q = 6. In ka sake yi karo na biyu za ka samu 2, tana sama da sifili, wannan ke tabbatar da cewa ƙasan kwari kake, ba kan tudu ba. Rubuta wannan layin, malamai da yawa suna nemansa. Mayar da 6 cikin AVC: 36 − 72 + 60 = 24. To yanzu gwada 6 ɗin a cikin MC: 108 − 144 + 60. Shi ma 24. Ba dace ba ne, dole ne su haɗu a nan, kuma wannan ce hanya ta biyu. Ka tuna da makinka na makaranta: in sabon gwaji ya zo ƙasa da matsakaicinka, yana jawo shi ƙasa, in ya zo sama yana ɗaga shi. Haka MC yake yi wa AVC. Muddin MC na ƙasa, AVC na sauka, da ya haye sama AVC ya fara hawa, don haka inda suka yi kiciɓis nan ne ƙarshen saukar. In ka bi ta MC = AVC za ka samu 2Q² − 12Q = 0, wato Q = 0 ko Q = 6. Ka jefar da sifilin, ka kuma faɗi dalili, ba a raba kuɗi a kan kayan da ba a yi ba.

Ina kyautata zaton wasu abokanka 4 suka samu. Waɗannan MC suka nemo wa ƙasa, 6Q − 24 = 0, inda MC yake 12. Amsa ce mai kyau ga tambayar da ba a yi musu ba. Wanda kuma ya tsinci kansa da Q³ a wannan matakin, ya shigo da 98 cikin AVC ne, ATC yake nema bai sani ba.

Tunda maganar ta zo, malaminku bai zaɓi 98 haka kawai ba. In aka ce ka nemo ƙasan ATC, MC = ATC zai kai ka ga 2Q³ − 12Q² − 98 = 0. Kada ka tsorata, kada kuma ka ɓata lokaci kana neman wata dabara. Ka riga ka san amsar tana gaba da 6, domin AFC na ci gaba da sauka bayan AVC ya juya, shi ya sa ATC ke jinkirin juyawa. Gwada 7: 686 − 588 − 98, sifili cif. A nan ATC = 49 − 84 + 60 + 14 = 39, MC ma 147 − 168 + 60 = 39. Jerin kullum haka yake a irin wannan lissafin: MC ya fara juyawa a 4, AVC a 6, ATC a 7. In naka ya zo a hargitse, koma baya.

Akwai wani tarko kuma ga waɗanda suka taso da tambayoyin WAEC da NECO, inda aka fi ba da tebur ana cire TC na sama daga na ƙasa. Gwada a nan: TC a 7 shi ne 273, a 6 kuma 242, bambancin 31. Amma MC a 7 mun ce 39. Duk biyun daidai ne a muhallinsu. 31 kuɗin tsallakawa ne daga 6 zuwa 7 gaba ɗaya, 39 kuma saurin hawan kuɗin ne a daidai kan 7. Sa 6.5 a cikin MC ka ga, 30.75 zai ba ka, dab da 31. In tambaya ta ce MC a Q = 7 kuma lissafi aka bayar, 39 ake so. In ta ce kuɗin yin kaya na bakwai, ko tebur aka ba ka, 31 ne.

Wani lokaci ana ƙara ɗan reshe, a ce a wane farashi kamfanin da ke cikin cikakkiyar gasa zai dakatar da aiki na ɗan lokaci. Ka riga ka yi aikin: ƙasa da 24 ko kuɗin siminti da yashi da lada ba ya fita. Tsakanin 24 da 39 ana asara amma gara a ci gaba, don ana rage wani abu daga haya.

Ka canza 98 zuwa 256 ka sake yi da daren nan. MC da AVC ba za su motsa ba, ƙasan ATC ne kawai zai matsa gaba. Turo abin da ka samu in duba maka.