Kalmar da za ka rufe imel da ita idan abokin cinikinka Bafaranshe ne

Ƙanena, na ga saƙonka, na kuma karanta imel ɗin da kake shirin aika wa kamfanin nan na yankin Normandi mai son ƙaronka. Wanda ya fassara maka ya yi ƙoƙari, farashi da nauyin buhuna da ranar lodi duk sun fito sarai. Abu ɗaya na ce ka dakata a kai, wato *Respectueusement* ɗin da ka sa a ƙasa, mai nufin cikin girmamawa. Ka tambaye ni mene ne laifin girmama mutum, tunda mu a Kano ko ƙaramin ma'aikacin banki muka samu a kan kujerarsa sai mu ce masa ranka ya daɗe. Babu laifi, sai dai a nan Faransa kalmar tana nuna matsayinka ne kafin ta nuna ladabinka.

*Respectueusement* kalmar na ƙasa ce zuwa ga na sama. Ɗalibi ne ke rubuta wa farfesansa ita, ko ma'aikaci ga babban daraktan da bai saba da shi ba, ko mai neman alfarma ga alƙali ko magajin gari. A aikin soja da jandarma ma abin ya fi tsauri: ƙarami kan rufe wa babba da ita, babba kuma ya mayar masa da *Cordialement*. To matar da kake rubuta wa jami'ar saye ce, ba shugabarka ba ce. Tana neman kaya, kana da kaya. Idan ka rufe da wannan kalma tun a saƙon farko, kamar ka cire takalmi ka durƙusa ne a gaban wanda ya zo rumfarka taya kaya. Ba za ta ji haushi ba, amma za ta ɗauka ko dai baƙo ne kai a harkar, ko kuma a matse kake da cinikin, kuma duka biyun ba su yi maka amfani ranar da za a zauna maganar farashi.

Mu Hausawan da ke nan mun san wannan tarko, musamman 'yan'uwanmu na Maradi da Damagaram da Tawa da suka yi boko da Faransanci. Salon da aka koya musu na takardar gwamnati ne, wadda ke buɗewa da *J'ai l'honneur de* ta rufe da *haute considération*. A ma'aikatun Yamai wannan daidai ne. Amma yaro ya zo nan ya samu aiki, ya riƙa rubuta wa wanda suke shan gahawa tare haka, sai ka ga ana murmushi. Shi ya sa duk sabon zuwa muke ce masa ya ajiye manyan kalmomin nan sai ranar da zai rubuta wa ofishin da ke ba da takardar zama. A can kam ko dattawanmu ba sa wasa da su.

Ga yadda zan bi da cinikinka. Saƙon farko, tunda ba ta san ka ba, ka buɗe da *Madame,* kawai, ko *Madame, Monsieur,* idan ba ka san wanda zai karanta ba. A ƙarshe ka sa doguwar jimlar da aka saba:

*Je vous prie d'agréer, Madame, l'expression de mes salutations distinguées.*

Ka lura, abin da ka kira ta da shi a sama shi za ka maimaita a tsakiyar jimlar. In lauya ne ka fara da *Maître*, to *Maître* zai dawo a ƙasa. Kada kuma ka bari mai fassararka ya musanya *salutations* da *sentiments*. A tsohuwar al'adarsu namiji ba ya aika wa mace *sentiments*, wato abin da ke zuciya, a wasiƙar aiki, kuma har yanzu akwai masu lura. Wannan doguwar jimla sau ɗaya ake yin ta. Wasu ma tun a farko *Cordialement* suke sawa kuma ba wanda ke tanka musu, amma ga wanda zai haɗa da takardar tayin farashi, na fi son a fara da cikakkiyar gaisuwa.

Da ta amsa, kafin ka duba farashin da ta taya, ka leƙa ƙasan saƙon. Galibi za ka ga *Bonjour Monsieur* a sama da *Cordialement* a ƙasa. Wannan ita ce kalmar yau da kullum a ofisoshinsu, babu ɗumi a cikinta babu sanyi, kuma da ita za ka mayar. In ta sauko kai kuma ka ci gaba da doguwar jimla, sai ya zama kamar kana ƙin matsowa.

Inda abin yake da daɗi shi ne *Bien cordialement*. 'Yar kalmar nan *bien* ita ce ke nuna an fara sabawa. A ce kun yi musayar saƙonni, samfurin da ka aika ya yi musu, kun yi waya, kwantenar farko ta sauka a tashar Le Havre lafiya. Wata rana sai ka ga ta rufe da *Bien cordialement*. Daga ranar kai ma ka koma can. Ra'ayina shi ne ka bar ta ta fara, domin ita ce mai saye, kuma a tsarinsu babba ko mai saye ne ke buɗe ƙofar sabo, kamar yadda shi ne ke ba da izinin a bar *vous* na girmamawa a koma *tu* na sabo. Amma idan ta yi maka wata hidima, misali ta hanzarta maka wata takarda, kana iya riga ta, ba zai zama shisshigi ba.

Da an hau wannan mataki, saukowa magana ce. Idan kun yi watanni a kan *Bien cordialement*, sai kaya suka makara, ka ga saƙo gajere an rufe shi da *Cordialement* tsurarsa, to akwai yiwuwar ranta ya ɓaci ko da ba ta faɗa ba. Kafin ka yanke hukunci dai ka duba abu ɗaya: mutane da yawa sun saka kalmar a cikin sa hannun da manhaja ke liƙawa da kanta. In kalmar tana manne da sunanta da lambar ofis, launi ɗaya, ba ta canzawa a kowane saƙo, to ba ta nufin komai. In da hannu take rubutawa kuma ta canza, ɗauki waya ka kira ta. Kai ma kana iya amfani da wannan sanyin idan kuɗinka suka makara: tunatarwa ta farko ka bar *bien* ɗinka, ta biyu ka cire shi.

Idan har ta kai ka tsallake ta ka rubuta wa babban daraktan kamfanin kan kuɗin, na san hannunka zai so komawa *Respectueusement*. Ni dai ba zan sa ba, domin haƙƙinka kake nema, ba alfarma ba. Ka buɗe da *Monsieur le Directeur*, ka rufe da doguwar jimlar nan ta farko da muƙaminsa a tsakiya. Girmansa ya samu, kai kuma kana tsaye da ƙafafunka.

Za ka kuma ci karo da *Cdt* ko *Cdlt*, gajarcewar *Cordialement* da masu sauri ke bugawa daga waya. Da yawa a nan suna ganin ta a matsayin rashin kula, don haka ko ita ta rubuta maka haka, kai ka cika kalmarka. Gyara ƙasan imel ɗin ka turo mini in sake dubawa kafin ka aika. A gaida Hajiya da yara.