Ramzi a Tsofaffin Takardu: Yadda Ake Warware Shi Ba a Ɓatar da Asali Ba

Tambaya: "Malam, na gaji takardun kakana na Larabci da Ajami, ina kuma kwafe su a kwamfuta. Ina yawan cin karo da irin su صلعم da اهـ, wani lokaci da harafi guda tsaye shi kaɗai kamar ق. Me ake kiran waɗannan da Hausa? Kuma in rubuta su a cike ne, ko in bar su yadda kakana ya bar su?"

Ɗan'uwa, kalmar da malaman zaure suke amfani da ita ita ce ramzi, wadda muka aro daga Larabci, inda asalin ma'anarta ishara ce ko alama. A bakin Hausawa ta fi shahara wajen haruffan da ake ƙulla shekara da su a ƙarshen waƙa ko littafi, amma harafin da yake tsaye a madadin sunan wani malami shi ma ramzi ne. Irin su صلعم kuwa taƙaitawa ce, wato an ɗebo wasu haruffa daga jimla an bar saura. Aikin da kake son yi shi ne warwarewa, kuma na fi son wannan kalma a kan "gyara", domin wanda ya ce zai gyara ya riga ya ɗauka akwai kuskure, alhali kakanka yana bin al'adar marubuta ce da ya tarar.

Shawarata ita ce ka warware, amma ta hanyar da duk wanda ya karanta kwafinka zai iya gane abin da alƙalamin kakanka ya rubuta da abin da kai ka ƙara. Hanya mafi sauƙi ita ce a sanya haruffan da aka ƙara a cikin baka biyu, a bar na asali a waje. Ka ɗauki اهـ, wadda ake sawa inda maganar da aka ciro daga wani littafi ta ƙare: za ka rubuta ا(نت)ه(ى), mai karatu ya ga intaha a cike, ya kuma san alif da ha kaɗai ke kan takarda. Haka صلعم za ta zama صل(ى الله) ع(ليه وسل)م. Wannan ta ƙarshe tana da nauyi na daban, domin malaman hadisi irin su Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan hijira, sun ƙi a taƙaita salati a rubuce, saboda haka da yawa daga masu kwafi sukan cika shi kai tsaye ba tare da wata alama ba. Niyyarsu kyakkyawa ce, sai dai baka biyun nan tana biya maka bukatu biyu: salati ya cika, shaidar takarda kuma ba ta ɓace ba. Baka mai kusurwa, wato [ ], ka keɓe ta ga inda gara ta ci ko ruwa ya wanke ka cike da hasashe. Wannan rabon aiki shi ne wanda masu nazarin tsofaffin rubuce-rubuce suka daidaita a kai a birnin Leiden na ƙasar Holland a 1931, kuma amfaninsa shi ne kada a cakuɗa abin da marubuci ya taƙaita da gangan da abin da zamani ya cinye.

Inda aikin yake da haɗari shi ne harafi guda, kamar ق ɗin da ka ambata. Ba shi da ma'ana ɗaya tabbatacciya, ma'anarsa tana bin littafin da aka ɗauko shi. A Kifayatuɗ Ɗalib, sharhin Abul Hasan a kan Risala wanda ake karantawa a zaurukanmu, ق yana nufin Aƙfahsi, ك Fakihani, ع Ibnu Umar, ج Ibnu Naji, د kuwa Ahmad Zarruƙ. Amma a sharhohin Mukhtasar na Khalil, wannan ق ɗin Mawwaƙ ne, ح kuma Haɗɗab. Idan ka koma littafin hadisi, ح a tsakiyar isnadi ba sunan kowa ba ne, alama ce ta cewa an juya zuwa wani isnadin.

Mu ƙaddara ka tarar da bayani a gefen shafi an rubuta قال ق sannan magana ta biyo. Abu na farko shi ne ka duba wane littafi ne a tsakiyar shafin. Idan Risala ce, zato mafi ƙarfi Aƙfahsi ne, sai ka nemi wurin a Kifaya ka ga ko maganar tana nan. In ka same ta, ka rubuta (الأ)ق(فهسي). In ba ka same ta ba, ka bar ق yadda yake, ka sa alamar tambaya, ka rubuta a ƙasa cewa kana zaton wane ne da dalilinka. Wanda ya goge harafin ya rubuta Mawwaƙ a cike ya jingina wa malami maganar da wataƙila bai faɗa ba, kuma na bayansa ba su da hanyar gano kuskuren, tunda harafin da zai tona shi ya tafi. Ka kuma lura cewa a rubutunmu na Magaribi ƙaf ɗigo ɗaya gare shi a sama, fa kuma ɗigonta a ƙasa yake, saboda haka idon da ya saba da bugun Masar yana iya karanta ƙaf a matsayin fa tun kafin a zo maganar warwarewa.

Ramzin shekara kuwa baka biyu ba ta isar masa, domin babu haruffan da za a cike, lissafi ake yi, kowane harafi da adadinsa. Haruffan ش ر ل ب a lissafin Magaribi, wanda malamanmu suka bi, suna ba da 1000 da 200 da 30 da 2, jimla 1232, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu, wato 1817. Wanda ya yi lissafin da tsarin Gabas, inda shin yake 300, zai sami 532, ya mayar da takardar baya da shekara 700. Don haka ka rubuta kalmar ramzin yadda take, ka sa adadin a gefenta, ka faɗi lissafin da ka bi.

Idan kwafin naka zai shiga ma'ajiyar kwamfuta, akwai tsarin TEI da masu wannan aiki suke amfani da shi, wanda yake ajiye siffofin biyu tare, a nuna wadda ake so a lokacin bugawa:

```xml
<choice>
  <abbr>اهـ</abbr>
  <expan>انتهى</expan>
</choice>
```

In ba ka kai nan ba, baka biyu ta wadatar, muddin ka buɗe kwafin da shafi guda da ya jera kowane ramzi, da yadda ka warware shi, da lambar shafin da ya fara fitowa. Ka guji umartar kwamfuta ta sauya kowane ق ko ح a lokaci ɗaya, domin kundin gado yakan haɗa fiƙihu da hadisi da waƙa a cikin gafaka guda, kowane da nasa ramzin. Kafin ka fara buga komai, ka ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya, har da gefuna, ka ba hoton lamba ɗaya da ta shafin kwafinka.