Bayanin minti 10 ya koma dakika 90

Tambaya: "Ina Tahoua. Na rubuta bayanin minti 10 kan adana wake, amma gidan rediyo sun ce dakika 90 kawai. Ina zan yanke?"

Malam, kada ka bi layi-layi kana gogewa. Na taɓa yin haka, sai gaisuwa ta tsira, saƙon ya mutu.

Ajiye rubutun, ka faɗi da baki abin da kake so manomi ya yi: ya busar da waken sarai, ya ɗaure shi cikin buhu mai leda biyu, kada iska ta shiga. Daga nan za ka soma. Sai dalili guda, wato ƙwari na mutuwa in babu iska. Tarihin noman wake ya jira wani shirin.

Karanta da agogo, kada ka yi sauri. Wajen kalma 200 ke shiga. Kafin ka naɗa, malamin gona ya saurara, don kada a yanke gargaɗin busarwa.