Ƙ da ƙugiya ko babu?

Tambaya: "Ina rubuta kanun labari a intanet da ƙ, ɗ da ɓ, amma mutane ba sa iso ni. In cire su ne?"

Kada ka cire su a jikin rubutu, domin ƙasa daban, kasa daban. Sai dai yawancin masu nema da waya ba sa sa ƙugiya, "ciwon koda" za su buga. Don haka a adireshin shafin ka rubuta `ciwon-koda`, ƙugiya a nan rikiɗewa take ta zama tarkacen alamomi idan an kwafa.

Sannan ka buga kalmar a Google ka ga abin da yake ƙarasa maka. In "hawan jini" ya fito, shi za ka ɗauka, ko da kana da wata fassarar da ta fi burge ka.