Iskar sama ba ta jiran ta ƙasa

Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. A makaranta an ce mana saman fiffiken jirgi ya fi ƙasansa tsawo, don haka dole iskar sama ta yi sauri ta cim ma ta ƙasa, abin da ke ɗaga jirgi ke nan. Yanzu kuma na ji ana cewa ba haka ba ne. Ina gaskiyar take?

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma da wannan bayanin na shiga koyon tuƙin ƙaramin jirgi, har na sha faɗa wa mutane da gadara. Rabinsa gaskiya ne: iskar saman fiffike ta fi sauri, matsinta kuma ya fi ƙanƙanta. Inda aka yi ɓatan kai shi ne dalilin saurin. Wa ya ce dole iskar da ta rabu a gaban fiffike ta sake haɗuwa a bayansa? Babu dokar da ta ce haka. Holger Babinsky na Jami'ar Cambridge ya nuna wannan da hayaƙi a ramin gwajin iska. Hayaƙin da ya bi sama yakan wuce ƙarshen fiffike ya bar na ƙasa a baya, ba su ƙara gamuwa.

Ni dai lissafi ne ya raba ni da bayanin. Ɗauki Cessna 172, irin wanda na koya a kai. Cike da mutane da mai yana kai kilo 1,100, faɗin fikafikansa wajen murabba'in mita 16. Saman fiffikensa bai fi ƙasan tsawo da kashi 2 cikin 100 ba. To, a ce iskar sama ta fi ta ƙasa sauri da kashi 2 ɗin nan kacal, jirgin kuma yana gudun mita 30 a daƙiƙa, wanda kusan shi ne gudun da yake barin ƙasa da shi. In ka bi ƙa'idar Bernoulli, wadda ta ce in iska ta ƙara sauri matsinta na raguwa, ɗagawar da za ka samu ba ta kai ta kilo 40 ba. Ko buhun shinkafa ba za ta ɗauka ba, balle jirgi. Da bayanin gaskiya ne, sai ya yi gudun kusan kilomita 600 a awa kafin ya tashi, gudun da injinsa bai taɓa mafarki ba. Ga kuma jiragen wasan sama da ke tafiya a kife, wasunsu ma saman fiffikensu da ƙasan tsawo ɗaya ne sak.

Abin da fiffike yake yi shi ne karkatar da iska zuwa ƙasa. Fitar da tafinka ta tagar mota tana gudu, ka ɗan ɗaga gabansa, za ka ji hannun yana son tashi. Ka tura iska ƙasa, ita kuma ta tura ka sama, dokar Newton ta uku ke nan. Amma kada ka ɗauka ƙasan fiffike kaɗai ke aikin, na sama ya fi yawa. Iska tana bin gantsarar saman fiffike tana lanƙwasawa ƙasa, kuma iska ba ta lanƙwasa hanya sai matsin da ke wajen kwanar ya fi na cikinta. Can nesa da fiffike matsin na yau da kullum ne, saboda haka daf da samansa dole ya ragu. Iskar da ta faɗa cikin wannan wuri mai ƙarancin matsi sai ta ƙara gudu. Ka ga Bernoulli bai yi ƙarya ba, jingina masa aka yi. Shi da Newton abu ɗaya suke kwatantawa, Bernoulli ta fuskar matsi, Newton ta fuskar iskar da aka tura.

Shi ya sa abin da matuƙi ke sa wa ido shi ne kusurwar da fiffike ke tarar iska da ita. Kana ƙara ta, ɗagawa na ƙaruwa, har wajen digiri 15 ko 16. Daga nan iska ta kasa bin saman fiffike, ta ɓalle ta hautsine, ɗagawa ta zube. Shi ne matuƙa ke kira sitol. Ranar da malamina ya fara gwada mini, sai da muka yi sama sosai, ya rage inji, ya ce in yi ta jan sitiyari. Ƙahon gargaɗi ya fara kuka, sitiyarin ya yi laushi a hannuna, jirgin ya ɗauki karkarwa, sai hanci ya faɗi, cikina ya ɗuri ruwa. Zuciya tana cewa ƙara ja, alhali maganin shi ne ka tura hanci ƙasa, kusurwar ta ragu, iska ta sake kama saman fiffike, ka ba da wuta, sannan ka ɗago a hankali. A duk wannan abin, tsawon saman fiffiken nan bai canja ko da ɗan yatsa ba, kusurwa kaɗai ta canja.