Shafuka 30 a burauza, laftof ta ƙi motsi: wanne ne mai cin ram?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubutun furojet ɗina, kullum shafukan da nake buɗewa a Chrome sun kai 30. Laftof ɗin mai ram giga 4 ce, yanzu sai ta daskare, fanka na ta ihu, ko harafi na buga sai na jira kafin ya fito. Wani ya saka min manhajar wanke ram, amma abin sai ƙaruwa yake. Saura mako uku in miƙa aikin, kuma an ce sai an yi mata fomatin. Don Allah ya zan gane shafin da ke jawo wannan? Daga wata ɗaliba, Yalwa, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, kuma kada ki bari kowa ya yi mata fomatin a wannan makon.

Ki buɗe Chrome da shafukanki yadda kika saba, sai ki danna Shift+Esc. Wata ƙaramar taga za ta fito mai suna Task Manager. Wannan ta burauza ce, ba ta Windows ba. Ta Windows, wadda ake buɗewa da Ctrl+Shift+Esc, za ta jero miki Chrome sau ashirin ko fiye ba tare da ta faɗa miki wane shafi ne wanne ba, don burauzar tana ware wa kusan kowane shafi nasa aikin daban. Ita kuwa ta cikin burauza sunan kowane shafi take rubutawa. Ki danna kan Memory footprint domin manyan su hau sama, sannan ki duba CPU a gefe. Mai lamba babba a Memory footprint shi ke cinye wuri. Wanda CPU ɗinsa ya ƙi sauka alhali ba kya taɓa shi, shi ke sa fanka ihu. A Edge ma Shift+Esc ne, a Firefox kuma ki rubuta about:processes a wurin adireshi.

Kwanaki wani ɗalibi ya kawo min irin taki, giga 4 da tsohon faifan ajiya mai juyawa, shafuka 27. Da muka jera su, huɗu kacal suka kwashe fiye da rabin abin da burauzar ta riƙe. Shafin hira da ya bari a buɗe kwana uku ya haura mega 600. Bidiyon lacca da ya tsayar tun safe yana riƙe da kusan 400. Takardar da yake rubutu a kai ta intanet wajen 350. Na huɗun shi ne ya ba shi mamaki: wani shafin sauke tsofaffin furojet, rubutunsa bai fi sakin layi biyar ba, amma a ƙarƙashinsa layuka ne reras masu farawa da Subframe, wato tallace-tallacen da aka cusa a ciki, kowanne da nasa cin. Sauran maƙalun da yake tsoron rufewa yawancinsu ba su kai mega 100 ba. Muka rufe uku, muka bar takardar rubutun, nan take kwamfuta ta saki.

Idan kika danna layi sau biyu a tagar Shift+Esc zai kai ki shafin, sai ki rufe shi da kanki. Akwai maɓallin End process, amma yana kashe shafin ne nan take, abin da kika rubuta ba ki adana ba ya tafi. Layin Browser da na GPU Process kuwa ki ƙyale su.

Yanzu bari mu zo kan manhajar nan ta wanke ram, domin ita ce ke ƙona min rai. Da wuya rana ta wuce ban ga kwamfuta ɗauke da ita ba, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne: wani mai gyara ne ya saka, ya danna wani maɓalli mai hoton roka ko tsintsiya, lamba ta faɗo daga kashi 90 zuwa 50, mai kwamfuta ya yi godiya ya biya kuɗi. To ina abin da aka "wanke" ya tafi? Ba a zubar da shi ba, tunda shafukan suna nan a buɗe. Tura shi aka yi kan faifan ajiya, cikin fayil ɗin da Windows ke kira pagefile.sys. Kamar mai shago ne a kasuwar Wunti ya kwashe kayan kan teburinsa ya kai sito don teburin ya yi kyan gani, duk wanda ya zo saye sai an tura yaro da gudu ya ɗauko. Ram tana da sauri nesa ba kusa ba a kan faifai mai juyawa. Da zarar kin koma shafin, dole a sake kwaso komai daga faifai, wannan jiran shi ne daskarewar da kike gani. Manhajar kuma tana nan zaune tana cin nata rabon, bayan 'yan mintoci ta sake share teburin. An gudu ba a tsira ba ke nan. Kina iya gani da idonki: ki buɗe Task Manager na Windows, ki shiga Performance, ki kalli Disk lokacin da ta daskare. Idan ya manne a 100% alhali Memory ya cika, kin kama ɓarawon.

Har da masu kashe pagefile ɗin gaba ɗaya wai don sauri. A kwamfuta mai giga 4, sakamakon shi ne shafuka su riƙa mutuwa da kansu ana tsakiyar aiki.

Mafi haɗari su ne 'yan ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauzar kanta da sunan rage mata nauyi. Da yawansu sai an ba su izinin karantawa da canza duk abin da ke shafukan da kike shiga, ciki har da imel ɗinki da shafin biyan kuɗin makaranta. The Great Suspender ta shahara ƙwarai wajen kwantar da shafuka, miliyoyin mutane sun yi amfani da ita, amma bayan ta koma hannun wani sabon mai ita, Google ta cire ta a Fabrairun 2021 saboda an same ta da mugun abu a ciki. Wannan fa sananniya ce. Ina ga wadda wani ya kwafo miki daga filashinsa? Ki cire ta wanke ram ɗin yau, ki shiga chrome://extensions ki cire duk abin da ba ki san amfaninsa ba. A tagar Shift+Esc suna fitowa da Extension a gaban sunansu, za ki ga nawa kowacce ke ci. Fomatin kuwa ba ya ƙara ram ko mega ɗaya. Ranar da kika sake buɗe shafuka 30 kin dawo gidan jiya, ga hatsarin rasa babi uku na furojet.

Abin da waɗancan manhajoji ke iƙirarin yi, Chrome na da nasa a ciki. Ki rubuta chrome://settings/performance ki kunna Memory Saver. Shafin da kika daɗe ba ki leƙa ba zai sauke shi daga ram gaba ɗaya, sunansa kawai zai rage a sama, kina dannawa ya sake lodi. Sai dai sake lodin nan yana cin data, kuma idan sabis ya ɗauke, shafin ba zai dawo ba sai sabis ɗin ya dawo. Don haka shafin da kike rubutu ki saka shi a jerin Always keep these sites active, maƙalun da kike karantawa kullum kuma ki sauke su ki ajiye a kwamfuta. Sauran da kike jin tsoron ɓatansu, Ctrl+Shift+D zai adana adireshinsu duka a wuri ɗaya, sai ki rufe su hankali kwance.

Windows kaɗai na iya kwashe wajen rabin giga 4 ɗin nan kafin ki buɗe komai, saboda haka ko kin yi duk wannan, ki tsaya a shafuka takwas zuwa goma. Bayan kin miƙa aikin, ki duba Memory a ƙarƙashin Performance. Idan kin ga Slots used: 1 of 2, akwai gurbin ƙara wata giga 4, kuma a nan ne kuɗinki zai yi aiki.