Rahoton mako na wurin gini

"Ina da kwangilar gida mai ɗaki uku a Rigasa, mai gidan yana son rahoto duk mako. Yaya zan tsara shi?"

Ɗan'uwa, shafi ɗaya ya ishe ka. Sa kwanan wata a sama, sai ka ja layi biyar: aikin, abin da aka tsara, abin da aka yi, giɓin, da dalili. Misali ɗora bulo: an tsara 1,500, birkiloli sun ɗora 1,050, wato kashi 70 cikin 100, saura 450. A dalili kada ka ce "an samu matsala", rubuta cewa tifar yashi ba ta zo ba ran Talata, ruwa kuma ya tsayar da aiki ran Alhamis. A ƙasa ka faɗi ranar da za a cike giɓin, ka haɗa da hotuna.

Sharaɗin shi ne ka ƙirga abin da ya hau bango, ba wanda aka sauke a fili ba. Na taɓa rubuta bulon da aka kawo a matsayin aikin da aka gama, mai gida ya zo daga Abuja yana zaton mun kai linta, ya tarar ko taga ba mu kai ba. Ranar na sha kunya.